'YAN UWA MA'AIKATA A MAKKA: WAYA NA HANNUNKA, AMMA WA KE KARANTA SAƘONNINKA?

'Yan uwa mazauna Makka, na Sharar Mansur da Misfala da Aziziyya da Rusaifa, da waɗanda ke cikin gidaje suna aikatau, da direbobi, da masu aikin otal, da masu tura keke a Harami. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar uwa har da ke nake, ke ma ɗin ce kan gaba.

Maganata guda ɗaya ce. Yawancinmu in aka ce an shiga wa mutum asusu, sai hankalinmu ya tafi kan wani gwanin kwamfuta a wata ƙasa mai nisa. Ni kuwa a ganina, ga ma'aikaci baƙo a garin nan, wanda ya fi kusa da shiga asusunsa shi ne wanda ya taɓa riƙe masa waya. Mai gyara ne, ko wanda ya buɗe maka Gmail ranar da ka sauka, ko ejan ɗin da ya kawo ka, ko abokin ɗaki, ko ƙanenka da ka aika wa tsohuwar waya tsaraba. Wasu da gangan, wasu kuma ba su ma san suna ciki ba. Kuma ba sai ka yi zargin kowa ba, domin WhatsApp da Google da Facebook kowannensu yana ajiye jerin na'urorin da ke cikin asusunka. Dubawa ba ta cin minti biyar, ba a biyan ko riyal ɗaya, ba a tambayar igama.

ME YA SA WAYA A ALJIHU BA HUJJA BA CE

Ka lura, tun ranar da ka shiga Facebook a wayarka ba a sake tambayarka kalmar sirri ba. Dalili shi ne, da zarar ka shiga sau ɗaya, kamfanin yana ba wannan wayar wata shaida ta ajiye, kamar ɗan makullin da aka yanka mata ita kaɗai. Duk na'urar da aka taɓa shiga da ita tana da nata makullin. Ka bar shagon, ka bar gidan, ka ba da wayar kyauta, makullin yana nan yana aiki har sai an soke shi. Jerin da nake magana a kai, jerin makullan nan ne, kuma maɓallin Log out ko Sign out shi ne yake soke su ɗaya bayan ɗaya.

MU FARA DA WHATSAPP

Da shi za mu fara, tunda a nan rayuwarmu take: lambar asusun da ake tura wa mai canji, hoton fasfo da igama, gurup ɗin adashe, maganar iyali.

Hanya biyu ake shiga WhatsApp ɗin mutum, kuma mutane suna haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ƙwace. A yaudare ka ka karanto lambobi shida da suka shigo maka ta saƙo, a buɗe layinka a wata waya, kai kuma a fitar da kai. Wannan tana da zafi, amma nan take za ka sani. Maganinta shi ne ka sake yin rajista da layinka, sabbin lambobi shida su shigo maka, ɓarawon ya fita. In ya riga ya sa nasa lambobin tsaro, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, amma shi dai an riga an fitar da shi.

Ta biyu ita ce ta ɓoye, kuma ita na fi jiye mana. WhatsApp ya yarda a jona na'urori har guda 4 a kan asusu ɗaya, ban da babbar wayarka. A da kwamfuta ake jonawa, amma tun watan Afrilu na 2023 har wata wayar ana iya jonawa. Wanda aka jona yana ganin saƙonnin da ke shigowa, yana jin saƙon murya, yana sauke hotuna, yana rubutu da sunanka. Kai kuma wayarka tana aiki lafiya ƙalau. In ya tura saƙo ya goge hirar daga wajensa, a wajenka ma za ta ɓace.

Ga yadda ake dubawa. A Android, buɗe WhatsApp, danna ɗigo ukun nan na sama, zaɓi Linked devices. A iPhone, shiga Settings sannan Linked devices. In wayarka da Larabci take, kalmar da za ka nema ita ce الأجهزة المرتبطة. Za ka ga sunan kowace na'ura da lokacin da ta yi aiki na ƙarshe. In ba ka taɓa jona komai ba, to bai kamata ka ga komai a wurin ba, sai maɓallin Link a device kawai. Duk abin da ka gani, danna shi, sannan Log out, a Larabci تسجيل الخروج.

Wani zai ce, "Ai ni na sa lambobin nan shida na Two-step verification." Madalla, kada ka cire. Amma ka sani, aikinsu shi ne tare ƙwace, wato lokacin da ake son yi wa layinka rajista a sabuwar waya. Wajen jona na'ura ba a tambayarsu. Abin da ke tsare jonawa shi ne makullin wayar kanta, yatsanka ko fuskarka ko lambar buɗe allo. To ka ga ke nan, duk wanda ka ba lambar buɗe allo, ka ba shi damar jona kansa cikin ƙasa da minti ɗaya.

Akwai kuma jonawar da ba sai an taɓa wayarka ba. Mutum zai sa lambarka a kwamfutarsa, a ba shi wasu haruffa da lambobi guda 8. Sai ya nemi dabarar da zai sa kai da hannunka ka shigar da su a wayarka. Zai ce rajistar aiki ce, ko tallafi, ko ka ga hotonka a wani shafi, ko a sa ka a gurup ɗin masu neman canjin kafili. Ka riƙe wannan: babu wani aiki, babu ofis, babu tallafi da ke buƙatar ka shigar da haruffa 8 a cikin Linked devices. Wannan wurin aikinsa ɗaya ne tal, shigo da wata na'ura cikin asusunka.

Kada kuma ka dogara da cewa abin zai fita da kansa. Gaskiya ne WhatsApp yana cire na'urar da ta yi kwana 30 ba a taɓa ta ba, yana kuma cire duka in babbar wayar ta yi kwana 14 ba ta yi aiki ba. Amma mai leƙen asirinka kullum yana leƙawa, kai ma kullum kana kan waya. Saboda haka babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu da zai cika.

SAI GMAIL, WANDA SHI NE UWAR ƊAKI

Da yawa daga cikinmu ba su ma san suna da Gmail ba, saboda wani ne ya buɗe musu don Play Store ya yi aiki. Amma a cikinsa ne lambobin mutanenka suke, da hotunanka in Google Photos yana kunne, da ajiyar hirar WhatsApp, da kalmomin sirrin da Chrome ya riƙe maka. Wanda ke cikin Gmail ɗinka yana iya ganin inda wayarka take a taswira, har ma ya goge ta daga nesa.

Buɗe Chrome ka rubuta wannan:

```
google.com/devices
```

Ko ka bi ta Settings na waya, Google, Manage your Google Account, sashen Security, ka gangara zuwa Your devices, sannan Manage all devices. Za a nuna maka na'urorin da ke ciki yanzu da waɗanda suka shiga cikin kwana 28 da suka wuce. Danna kowacce za ka ga sunanta, garin da ake zaton tana ciki, da lokacin da aka yi amfani da ita. Sign out yana nan a ciki.

A Facebook kuwa, shiga Settings, Accounts Center, Password and security, sannan Where you're logged in. In Instagram ɗinka a haɗe yake, a nan za ka gan shi shi ma.

KADA SUNAN GARI YA RUƊE KA

A nan mutane suke yin kuskure iri biyu. Wani zai ga an rubuta Jeddah ko Riyadh, hankalinsa ya tashi, alhali wayarsa ce. Wani kuma zai ga Makkah ya kwantar da hankali, alhali kwamfutar wani shago ce a bayan layinsu.

Garin da ake rubutawa ƙiyasi ne daga hanyar da intanet ɗinka ta bi, ba daga inda ƙafarka take ba. Kana zaune a Misfala da layin STC ko Mobily ko Zain, ana iya nuna ka a Jidda ko Riyad. In ka kunna VPN don yin kira, za a iya nuna ka a Jamus ko Holan. In kana amfani da datar layinka na gida, MTN ko Airtel, a nan Saudiyya, za a iya nuna ka a Legas, domin datar ta gida take zagayawa.

To da me za ka yi hukunci? Da abu biyu. Na farko, irin na'urar. Shiga Settings, About phone, ka rubuta lambar samfurin wayarka a takarda, domin wani lokaci da ita ake nuna wayar ba da sunan da ka sani ba. Samsung Galaxy A12, alal misali, tana iya fitowa a matsayin SM-A125F. In kana riƙe da Samsung ka ga iPhone, ko ka ga Windows alhali ba ka da kwamfuta, magana ta ƙare. Na biyu, lokaci. Ka tambayi kanka, a wannan sa'ar ina kan waya? Ka tuna agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2. Waya ɗaya tana iya fitowa sau biyu ko uku, misali sau ɗaya ta manhaja sau ɗaya ta Chrome, wannan ba abin damuwa ba ne.

MU ƊAUKI MISALI MU BI SHI DAKI-DAKI

A ce wata 'yar uwa ce ke aiki a wani gida a Aziziyya. Duk wata tana ba mai canji riyal 800, ta tura masa lambar asusun mahaifiyarta ta WhatsApp, shi kuma ya sa a biya naira a gida. Gilashin wayarta ya fashe, ta kai gyara. Mai gyara ya ce ta ba shi lambar buɗe allo zai gwada ko taɓawa na aiki, ta dawo bayan la'asar. Ta karɓi waya, komai lafiya.

Bayan sati uku ta ba da kuɗin wata. Kwana biyu Inna ba ta ga komai ba. Ta kira mai canji, ya ce, "Hajiya, ai ke kika turo cewa asusun Inna ya samu matsala, a tura wannan." Ya turo mata hoton saƙon, da lambarta, da hotonta. Ta duba wayarta, babu saƙon. A nan ne rigima kan tashi, ita ta ce ya ci amana, shi ya ce ta yi masa sharri, alhali duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Ta buɗe Linked devices, ta ga Google Chrome a kan Windows, ya yi aiki jiya da ƙarfe 2:10 na dare. Ba ta da kwamfuta, kuma a lokacin tana barci. Ta buɗe jerin Google, ta ga abu huɗu.

Na ɗaya, SM-A125F, Jidda, yana aiki yanzu. Ta duba takardarta, lambar wayarta ce. Jiddar ba komai. Ta bar shi.

Na biyu, irin wannan wayar dai, amma Jamus, shekaranjiya da dare. Ta tuna a daren ta kunna VPN ta kira gida. Nata ne.

Na uku, wata Tecno, Kano, ta yi aiki yau da safe. Tsohuwar wayarta ce da ta ba wata mai komawa gida ta kai wa ƙanenta. Yaron bai yi laifin komai ba, amma duk hoton da ta ɗauka a Makka yana iya bayyana a hannunsa, har na fasfo, kuma abokansa suna karɓar wayar su yi wasa. Wannan fita zai yi.

Na huɗu, Windows, Makka, ranar da aka fara ganinsa ita ce ranar gyaran waya. Wannan shi ne ɓarawon, ga shi kuma shi ne wanda sunan garinsa ya fi kama da gaskiya.

To yanzu me za ta yi, kuma da wane za ta fara? Jerin yana da muhimmanci.

Da farko ta ɗauki hoton allon kowane jeri, da suna da lokaci. Da zarar ta danna Log out a WhatsApp, layin ya ɓace, shaida ta tafi. Hoton nan shi ne zai wanke ta a wajen mai canji, shi ne kuma za ta nuna in ta kai ƙara.

Sai ta tabbatar ita kanta za ta iya komawa ciki. Ta san kalmar sirrin Gmail ɗin? Lambar da ke kan asusun tana hannunta? Zan dawo kan wannan, domin a nan ake faɗawa rami.

Sai ta fitar da baƙin na'urorin, WhatsApp tukuna tunda nan kuɗi ke zuba, sannan Google, sannan Facebook.

Nan take kuma ta canza kalmar sirrin Google da ta Facebook. In ta fitar da mutum ba ta canza ba, kamar ta kori ɓarawo ne ta bar masa makulli a ƙofa. In kuma ta canza kawai ba ta fitar ba, shi ma bai wadatar ba. Google da kansa ya bayyana cewa canza kalmar sirri ba ya fitar da wasu na'urori, ciki har da wayoyin da ake amfani da su wajen tabbatar da cewa kai ne. Tecnon nan ta Kano tana iya zama ɗaya daga cikinsu. A Facebook, wajen canzawa akwai ɗan akwatin Log out of other devices, ta danna shi.

Sai ta canza lambar buɗe allon wayar, tunda ta nan aka fara shiga.

Daga ƙarshe ta sanar da mai canji da uwar adashe da 'yan gida, da muryarta ba da rubutu ba, cewa duk saƙon kuɗi da ya fito daga layinta a 'yan makonnin nan a tambaye ta. Su kuma yi yarjejeniya: ba a canza lambar asusu sai da kira.

Abin da Log out ba zai iya ba shi ne dawo da abin da aka riga aka kwashe. Hoton da aka sauke an sauke. Shi ya sa nake cewa a riƙa dubawa tun babu abin da ya faru. Da ta duba a bakin shagon ranar da ta karɓi waya, da riyal 800 ɗinta na nan.

RAMIN DA NA CE ZAN DAWO KANSA

Kada ka yi zuciya ka danna fitar da kowa da kowa alhali ba ka san kalmar sirrinka ba. Mutum nawa ne a cikinmu aka buɗe wa Facebook da lambar wani, ko da layin da aka saya lokacin Umara wanda ya daɗe da mutuwa, ko da layin gida da aka bari a akwati a Katsina ko Maraɗi? Layin da ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, a nan da can gida duka. Wanda ya saya, shi ne saƙon lambobin shiga asusunka zai riƙa zuwa masa.

Saboda haka, tun kana ciki, ka gyara. A Google, cikin Security, duba Recovery phone da Recovery email. A Facebook, cikin Accounts Center, Personal details, Contact info. Lambar da ba taka ba, cire ta. Sa wadda ke hannunka yau. Ka sani Google na iya ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar har kwana 7 bayan canji, don haka ka sake leƙa jerin bayan sati. In ka kunna 2-Step Verification, ka karɓi Backup codes, lambobi ne guda 10, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. Rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardunka, ba a cikin wayar ba. Rayuwar baƙo ba ta da tabbas. Ana iya ba ka bizar fita cikin gaggawa, ko waya ta ɓata a cunkoso, ko layi ya tsaya saboda igama ta ƙare. Ranar nan takardar ce za ta buɗe maka ƙofa a gida.

MASU AIKA WAYA GIDA

Waya tana cikin manyan tsarabar Makka, kowa ya sani. Kafin ka sa ta a jaka, ka kai WhatsApp ɗinka sabuwar waya, ka fita daga Facebook, ka shiga Settings ka cire asusun Google daga cikinta, sannan ka wanke ta gaba ɗaya. Ka fara cire asusun kafin wankewa. In aka wanke waya ta ƙarfi alhali asusun yana kai, tana iya kullewa ta ce sai an sa Gmail ɗin mai ita, daga nan sai a kira ka daga gida a ce ka turo kalmar sirri, ka ga an koma gidan jiya. In kuwa wayar ta riga ta tafi, fitar da ita daga google.com/devices, sannan ka ce a goge hotunan da suka rage a cikinta.

"AI ƊAN UWANA NE, ZAI GA KAMAR BAN YARDA DA SHI BA"

Na san wannan ita ce babbar hujjar da ke hana mutane. A baƙunta muna rayuwa ne da taimakon juna, wanda ya saita maka waya shi ne ya sama maka ɗaki. To ka duba ta wannan fuskar. In asusunka yana cikin wayarsa, ranar da aka sace tasa wayar, kai ma an sace ka. Ranar da wani abu ya fita daga asusunka, shi za a fara zarga. Fitar da shi kariya ce gare ku ku biyu, kuma zumunci ya fi daɗewa in babu abin zargi a tsakani. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya zo yana tambayar me ya sa ka cire shi, to ya ba ka amsa da bakinsa.

Wani kuma tsoronsa kada ya fitar da nasa bisa kuskure. In ka san kalmar sirrinka, asarar ita ce minti biyu na sake shiga. In ka bar na ɓarawo bisa kuskure, asarar albashi ce ko mutunci. Don haka in ka yi shakka, fitar.

Ga 'yan uwa mata masu aikin gida da aka ba wayar gidan: ki ɗauka cewa asusun Google ko Apple da ke kan wayar na masu gida ne, kuma hotunan da kika ɗauka suna iya zuwa wajensu. Kada ki ajiye sirrinki a kai. In kika ga an jona WhatsApp ɗinki kuma kina zargin daga cikin gidan ne, wanda kika cire zai lura. Ki fara ɗaukar hoton allo ki aika wa wanda kika amince da shi a waje, ki goge abin da ba kya son a gani, sannan ki zaɓi lokacin da ya fi miki sauƙi. Lafiyarki ita ce gaba da komai.

ABSHER DA NAFATH

Waɗannan ba a wasa da su, domin da sunanka da igamarka suke magana. In wani ne ya buɗe maka Absher, ka canza kalmar sirri, ka tabbatar lambar da saƙon shiga ke zuwa mata taka ce. Nafath kuwa, in ka ga buƙata ta taso tana neman ka zaɓi lamba alhali ba kai ka fara komai ba, wani ne yake ƙoƙarin shiga wani wuri da sunanka. Ka ƙi amincewa, ko da mai kiran ya ce daga banki ko Jawazat yake, ko da ya karanto maka cikakken sunanka.

Kuma a sani, leƙen saƙonnin mutum laifi ne a ƙasar nan. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga mai leƙen abin da ake aikawa ta intanet ba bisa ƙa'ida ba, da mai shiga don yi wa mutum barazana. Ana kai rahoto ta manhajar Kollona Amn ko a ofishin 'yan sanda. Wannan gargaɗi ne kuma ga wanda ke ganin jona wayar matarsa ko budurwarsa ko abokin ɗakinsa wayo ne.

YAUSHE ZA A RIƘA DUBAWA

Ba sai kullum ba. Ka ɗaura shi da ranar albashi, kafin ka tura kuɗi gida ka leƙa Linked devices. Ban da wannan, akwai lokuta huɗu da ba a tsallakewa: in ka karɓo waya daga gyara, tun kana bakin shago, in ka shiga asusunka a kwamfutar ofishin cike takardu ko wayar wani, in ka canza gida ko kafili, da kafin tafiya gida. Wajen gyara kuma, in gilashi ko batir ko wurin caji ne, ka ce a gwada a gabanka, kai za ka buɗe allon da hannunka. Mai gyara na kirki ba zai ƙi ba.

Yanzu, kafin ka wuce zuwa wani rubutun, fita ka buɗe WhatsApp, ɗigo uku, Linked devices. In babu komai, alhamdu lillahi, sai ka duba na wanda ke kusa da kai wanda bai iya karatu ba, a gabansa, wayar tana hannunsa. In ka ga abin da ba ka gane ba, ɗauki hoton allo tukuna, sannan ka fitar.

A tura wa 'yan uwa na Jidda da Madina da Ɗa'ifa, musamman sababbin zuwa. Allah ya tsare mana guminmu, ya mayar da kowa gida lafiya.